Hauka a Gaban Alkali

A ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a rasa mahaukaci a bakin kasuwa. Kowa ya san shi, yara na tsokanarsa, mata na ba shi ɗumame. In ya ɗauki ƙosai a faifan mai talla ba wanda zai kai shi gaban alkali, sai a ce, "Ƙyale shi, ba shi da hankali." Wannan magana da talakawa ke faɗi a kasuwa ita ce malaman shari'a suka rubuta a littattafai, ita ce kuma Turawa suka sa wa lamba a cikin dokokinsu. Game da mahaukaci tuburan, mai yawo tsirara yana tsince-tsince a juji, ba gardama. Gardama tana tasowa ne ran da aka kama mutum wanda jiya-jiya aka gan shi yana noma gonarsa, yana ciniki, yana bin jam'i, yau kuwa ya sari ɗan'uwansa da gatari, danginsa suka zo suna cewa ai dama yana da taɓuwa. To, alkali ba ya ganin cikin zuciya. Da me zai auna?

Shari'ar Musulunci ta aza laifi bisa mukallafi, watau baligi mai hankali. Hadisi ya zo da cewa mutum uku ba a rubuta musu laifi: mai barci kafin ya farka, da yaro kafin ya balaga, da mahaukaci kafin ya warke. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Marwanu ɗan Hakamu ya rubuta wa Mu'awiya takarda a kan wani mahaukaci da ya kashe mutum, Mu'awiya ya amsa masa cewa a ɗaure shi, amma kada a yi masa ƙisasi. A cikin littafin nan har wa yau an tambayi Mu'awiya hukuncin wanda ya sha giya ya yi kisa, ya ce wannan a kashe shi. Dukansu biyu hankalinsu ya gushe, amma ɗaya jarraba ce ta sauko masa, ɗaya shi ya kore nasa hankalin da hannunsa.

Malamai kuma sun raba hauka biyu. Akwai wanda ya rufe mutum ruf, ba ya sakinsa, akwai mai zuwa yana tafiya. Mai irin na biyun in ya yi kisa a lokacin da yake garau, hukuncinsa hukuncin mai hankali ne. In kuwa a lokacin da abin ya motsa ne, ba ƙisasi. Saboda haka tun can asali tambayar ba ta tsaya ga ko mutumin nan mahaukaci ne ba, sai an kai ga sanin halin da yake ciki a sa'ar da ya ɗaga hannu. Bincike kuwa sunna ne. Da Ma'izu ya kai kansa wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana iƙirarin zina, sai da aka tambaye shi ko yana da hauka, aka aika aka tambayi mutanensa, har aka shanshana bakinsa ko ya sha giya.

Ma'aunin da manyan kotuna ke aiki da shi ya samo asali daga wani abu da ya faru a Landan cikin 1843. Wani masassaƙi mutumin Sikotilan, ana ce da shi Daniel M'Naghten, ya daɗe yana jin a ransa cewa mutanen jam'iyyar da ke mulki suna binsa duk inda ya sa ƙafa, suna neman halaka shi. Ran 20 ga Janairu ya bi wani mutum a titi ya harbe shi ta baya, bisa ga abin da aka fahimta yana zaton Firayim Minista Robert Peel ne. Ashe sakatarensa ne, Edward Drummond, wanda ya cika bayan kwana biyar. Likitoci suka shaida cewa M'Naghten ba lafiyayye ba ne, aka yanke cewa ba shi da laifi saboda hauka, aka kulle shi a asibitin mahaukata, bai sake fita ba har ya mutu a 1865. Mutanen Ingila suka fusata, Sarauniya Biktoriya ma ba ta ji daɗi ba. Sai Majalisar Dattawansu ta tara manyan joji-joji ta yi musu tambayoyi, amsar da suka bayar ta zama ƙa'ida. Suka ce kowane mutum mai hankali ne sai an tabbatar da akasin haka, kuma ba wanda zai kuɓuta da hujjar hauka sai ya nuna cewa a lokacin aikin cutar ƙwaƙwalwa ta hana shi sanin irin abin da yake yi, ko kuwa ya san abin amma bai san mummuna ne ba. Abin mamaki, masana da yawa sun ce da an auna M'Naghten kansa da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa, da wuya ya tsira, gama ya sayi bindiga, ya yi kwanto, ya san harbi yana kashewa.

Ƙa'idar ta bi Turawa zuwa Indiya ta shiga dokar laifuffuka ta 1860, daga can ta shiga ta Sudan, daga Sudan aka ɗauko ta cikin dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959, ta fara aiki a 1960. Tana sashe na 51. Ma'anarsa ita ce, ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata in a lokacin aikatawa rashin lafiyar hankali ya hana shi iya sanin irin aikin, ko sanin cewa abin da yake yi mummuna ne ko ya saɓa wa doka. Zamfara ta zama jiha a 1996, a 2000 kuma ta kafa dokar laifuffuka ta Shari'a domin Musulmi a kotunan Shari'a, ba a kuwa soke Final Kod a sauran kotuna ba. Ko ta wace ƙofa aka shiga, maganar tana komawa ga hankalin mutum a sa'ar aikin.

Abin zai fi fitowa fili da misali. A ƙaddara wani manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Zurmi, shekarunsa kamar talatin, suna gandu ɗaya da wansa. Ya ci kasuwar Shinkafi ya komo gida, da tsakar dare ya ɗauki gatari ya sari wan a ka yana barci a zaure, wan ya mutu nan take. Ba a taɓa jin kansu ba, ba rigimar gado, ba ta mace. Aka kama shi, aka kai shi gaban joji.

Abu na fari da joji zai duba shi ne ko mutumin da ke tsaye gabansa yau yana fahimtar ƙarar da ake karanta masa, yana kuma iya ba lauyansa labari. In ba ya iyawa, sai a dakatar da shari'a, a kai shi ga likita, sai ya sami sauƙi a ci gaba. Mutane kan rikita wannan da hujjar hauka, alhali kuwa abu biyu ne. Ana iya samun wanda ya yi kisa da hankalinsa sarai, sa'an nan ya haukace a gidan yari, ana kuma iya samun wanda ya yi kisa cikin hauka, ya zo kotu ya warke yana magana tiryan-tiryan.

Da an fara shari'a, masu ƙara za su tabbatar, har ba sauran shakka, cewa shi ya yi saran. Amma hauka shi wanda ake tuhuma ke kawo hujjarsa, domin doka ta ɗauke shi mai hankali. Sai dai an sauƙaƙa masa: ba sai ya kawar da dukan shakka ba, ya isa ya nuna cewa zancen haukan ya fi rinjaye bisa zancen lafiya.

To, a ce manomin nan ya gaya wa kotu cewa shi kura ya gani ta shigo zaure za ta kama akuya, ya sare ta, bai san mutum ba ne sai da gari ya waye. In joji ya gamsu cewa cuta ce ta juya masa gani haka, to, bai san irin aikin da ya yi ba. Hannunsa ya sari mutum, zuciyarsa ta sari dabba. Wannan ita ce ƙofa mai sauƙin fahimta, amma masu shiga ta cikinta kaɗan ne ƙwarai, don yawancin masu taɓuwa sun san gatari gatari ne, mutum mutum ne.

A ce kuma ya faɗi wani abu dabam. Ya ce ya san wansa ne, ya san sara zai kashe shi, amma wata uku ke nan yana jin murya a kunnensa tana cewa wan nasa ba mutum ba ne, aljani ne ya shiga rigarsa, kuma an umurce shi daga sama ya kawar da shi kafin asuba, in ba haka ba gidan duka zai halaka. Wannan ya san aikin, amma a ganinsa ceto ya yi. A nan ne shari'a ke wuya, domin kalmar "mummuna" tana da fuska biyu, mummuna ga doka da mummuna ga lamiri. A Ingila cikin 1952 an yi shari'ar wani mai suna Windle, wanda ya ba matarsa ƙwayoyin asfirin kamar ɗari ta mutu. Da 'yan sanda suka kama shi ya ce yana tsammanin rataye shi za a yi a kan wannan. Maganar nan tasa ita ta ci shi, gama kotu ta ce tun da ya san doka ta hana, ya san mummuna ne. Dokar Arewa ta ambaci abu biyun duka, mummuna da saɓa wa doka, saboda haka lauyan manomi yana da abin kamawa. Duk da haka joji zai so ya sani, shin mutumin nan ya san cewa maƙwabta da mai gari da limami za su ƙi abin da ya yi? In ya sani har ya ɓoye musu, hujjarsa ta yi rauni.

Joji-jojin Ingila sun ƙara wata ƙa'ida game da wanda haukansa na fanni ɗaya ne, sauran al'amuransa lafiya lau. Suka ce a ɗauka abin da ya riya gaskiya ne, sa'an nan a tambaya ko doka za ta yafe masa. In ya riya cewa wan ya zaro wuƙa zai yanka shi, ya riga shi, to, da gaskiya ne kare kai ne, ya kuɓuta. In kuwa ya riya cewa wan yana ɓata masa suna a gari, ko yana neman matarsa, ya kashe shi don ramuwa, to, ko da gaskiya ne doka ba ta ba shi izinin kisa ba. Dokar laifuffuka ta Kudancin Nijeriya ta rubuta wannan a sashe na 28. Ƙa'ida ce mai tsari a takarda, amma tana da aibi babba: tana neman mahaukaci ya yi hauka da hankali, ya zaɓi ruɗun da doka za ta karɓa. Likitoci sun daɗe suna cewa ƙwaƙwalwa ba ɗakuna ba ce da za a ce wuta ta ci ɗaya ta bar sauran.

Ba kowane imani mai ban tsoro ne hauka ba. A 1954 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta duba shari'ar wani Muhammadu Gadam, wanda matarsa ta yi ɓari ta kwanta ciwo, ya tabbata a ransa wata mace ce ta kama ta da maita, ya buge macen da fartanya ta mutu. Kotu ta yarda cewa da gaske ya gaskata haka, kuma mutanen wurinsu da yawa sun gaskata da maita, amma ta ƙi karɓar wannan hujja, aka tabbatar masa da laifin kisa. Abin da mutum ya koya a gari tun yana yaro ba cutar ƙwaƙwalwa ba ce. Da an buɗe wannan ƙofa, da ba tsohuwar da za ta yi barci da ido biyu rufe. Saboda haka in manomin Zurmi ya ce boka ne ya gaya masa wansa ya yi masa sammu, wannan ba zai fisshe shi ba, sai in an nuna cuta ce ta haifi zancen.

Duk wannan maganar bakinsa ce, kowa kuwa yana iya cewa ya ji murya. Saboda haka kotu takan bi sawun mutum ta duba kafin aikin, da lokacinsa, da bayansa. Matarsa za ta faɗi ko ya daina barci, ko ya ƙi tuwon gida yana cewa an sa masa guba, ko yana zaune shi kaɗai yana amsa wa wanda ba a gani. Mai unguwa zai faɗi ko an taɓa sa shi a mari, ko an kai shi wurin mai ruƙiyya, ko asibitin masu taɓin hankali na Kware kusa da Sakkwato. In akwai katin asibiti mai kwanan wata kafin kisan, ya fi shaidar baki goma, don ba a yi shi saboda shari'a ba. Ana karɓar shaidar cewa uwa ko kaka sun yi irin wannan ciwo, ko da yake ita kaɗai ba ta isa ba. Gandirobobin da suka tsare shi ma sukan ba da shaida, su ne ke ganinsa dare da rana sa'ad da bai san ana kallonsa ba, mai haukan ƙarya kuwa yakan gaji ya huta in ya ga ba kowa.

Bayan aikin shi ne ya fi tona asiri. In an iske manomi zaune gefen gawa, gatari a hannu, yana ce wa mutane su yi murna ya cece su, wannan wani abu ne. In kuwa ya jefa gatari a rijiya, ya wanke rigarsa, ya yi sammako ya shiga mota zuwa Kaura Namoda, da aka kama shi ya ce shi a Shinkafi ya kwana, to, wanda bai san ya yi ɓarna ba me zai ɓoye? Amma ko nan ma sai da lura, gama mai taɓuwa yakan gudu don tsoron abokan gaban da ya riya, ba don tsoron hukuma ba. Haka kuma rashin dalili. Dangi sukan ce, "Ai mai hankali ba ya kashe wansa a banza." Kotuna sun sha cewa rashin ganin dalili shi kaɗai ba hujjar hauka ba ne, domin dalilin da shaidu ba su gani ba yana iya kasancewa a ɓoye.

Likita yana da muhimmanci, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Yakan ga mutumin bayan wata da watanni, wani lokaci bayan shekara, sa'an nan a tambaye shi halin wani dare da bai gani ba. Iyakar abin da zai faɗi da gaskiya shi ne, ga cutar da ya samu, ga yadda takan yi da mai ita, kuma mai yiwuwa ne tana nan tun lokacin. Sauran na joji ne. Matsala ita ce talakan ƙauye sau da yawa ba kati, ba likita, sai shaidar dangi, dangi kuwa ana zarginsu da son kai. Ta haka mai ciwo na gaske yana iya faɗawa hukuncin kisa don kawai ba a taɓa kai shi asibiti ba.

In bincike ya nuna cewa a kasuwar nan manomi ya sha wiwi ko ƙwaya da son ransa, maganar ta koma kan amsar Mu'awiya. Final Kod ma a sashe na 52 ba ta yafe wa mai maye ba sai wanda aka ɗura wa, ko aka ba shi bai sani ba.

Saura mutum guda wanda dokokin ƙasar nan biyu suka rabu a kansa. Shi ne mai cewa, "Na san ɗan'uwana ne, na san haramun ne, na san za a kama ni, amma abin ya fi ƙarfina, na kasa tsai da hannuna." Dokar Kudu ta karɓi wannan in cuta ce ta raba shi da ikon riƙe kansa. Final Kod ba ta ambace shi ba, sani kaɗai ta tambaya. Ga mutum ɗaya da ciwo ɗaya, a Ibadan yana iya kuɓuta, a Gusau a same shi da laifi. Masu goyon bayan Arewa suna cewa ba mai iya bambanta wanda ya kasa riƙe kansa da wanda ya ƙi riƙewa, kowane mai zafin zuciya zai ce ya kasa. Maganarsu tana da ƙarfi. Amma wuyar bincike ba ta mai da mara lafiya lafiyayye. Azaba ana yinta ne ga wanda yake da zaɓi ya zaɓi mugunta, wanda kuwa cuta ta ƙwace masa linzami, saninsa bai amfane shi da kome ba, kamar mahayin da doki ya gudu da shi yana ganin rami. Ya fi kyau a buɗe ƙofar a tsananta shaida, da a rufe ta gaba ɗaya.

Dangin mamaci sukan ji ciwo in an ce ba shi da laifi, suna zaton za a sake shi ya komo ƙauye. Ba haka ba ne. Kotu takan rubuta cewa shi ya yi aikin, ta ba da umurni a tsare shi, sa'an nan maganar ta koma hannun Gwamna, ba kuwa a yanka masa ranar fita. Wanda aka ɗaure shekara goma yana ƙirga kwanakinsa, wannan ba ya da abin ƙirgawa, kuma inda gadon asibiti ya yi ƙaranci sau da yawa a gidan yari yake zama. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ta daɗe tana aiki, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbinta.

A wajen haƙƙin mamaci fiƙihun Malikiyya ya yi wani tanadi da dokar Ingila ba ta yi ba. Gangancin mahaukaci ana lissafta shi kuskure ne, kisan kuskure kuwa yana da diyya, wadda dangin mai kisan na wajen uba ke haɗuwa su biya. A misalin manomin Zurmi abin ya zo da nauyi, domin masu biya da masu karɓa gida ɗaya ne: baffanni da 'yan'uwa su tara, a miƙa wa matar wan da marayunsa.